Yadda igiyar aurena ɗaya ta tsinke ranar sadakar bakwai ɗin Babana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so na faɗi labarin nan saboda nasan a ƙauyukanmu akwai mata da yawa da suke cikin irin abinda na shiga, miji ya tafi ci-rani ya dawo da wani irin riƙon addini wanda ba da shi kuka yi aure ba, ke kuma kin rasa ta inda zaki kama, in kinyi magana ace kina ja da sunna, in kinyi shiru abin ya dinga cinki a rai.

Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Ringim da Taura, kasuwarmu Gujungu ce mai ci ranar Lahadi. Babana Allah ya jiƙansa ɗan Tijjaniyya ne na gaske, tunda na buɗe ido nake jin wazifa a masallacin ƙofar gidanmu bayan magariba, a shimfiɗa farin ƙyalle in anzo Jauhara, ranar Juma'a kuma zikiri daga bayan la'asar har faɗuwar rana. Ni ma kafin aurena na karɓi ɗarika, ina lazimina safe da yamma, istigfari ɗari salati ɗari hailala ɗari. Da haka maigidana ya ganni ya aure ni kuma a lokacin ko a jikinsa, dan shi gaskiya a wancan lokacin addinin nasa sama-sama ne. Yana sallah amma asuba sai rana ta fito, yana shan sigari a ɓoye dan kar Iya mahaifiyarsa ta gani, dare kuma in ba majalisa ba toh gidan kallon ƙwallo. Ba mugu bane wallahi, mutum ne mai fara'a da sakin hannu, amma ni ce nake tashinsa sallah yana ture hannuna, kuma shekaru nayi ina roƙon Allah a sujjada ya shiryar min da shi.

Duk shekara in an gama kaka an ɗaure gero an kaɗe riɗi sai ya tafi Legas yin acaɓa, a Agege yake zama da 'yan yankinmu, sai damina ta kusa ya dawo. A 2019 wani yaro da suke kwana ɗaki ɗaya tirela ta take shi a gabansa, su suka kwashe shi. Daga baya ya bani labari yace abinda yafi girgiza shi ba jinin bane, da akazo yi masa wanka da sallah sai ya samu kansa a tsaye bai san komai ba, ko abinda ake faɗa tsakanin kabbarorin sallar gawa bai sani ba, ga shi da 'ya'ya. Daga ranar ya fara zama karatu tsakanin magariba da isha a wani masallacin 'yan Izala da yake kusa da su.

Da ya dawo waccan shekarar kamar an canza min shi a mota. Ya bar gemu, ya kai wandunansa gun tela an rage musu tsawo, memorin wayarsa da da waƙoƙi ne a ciki yanzu tafsirin Malam Ja'afar ne tun daga farko har ƙarshe. Ya daina sigari kwata-kwata. Shi yake tashina asuba yanzu. Watannin farko wallahi daɗi na dinga ji, har sadakar ƙosai nayi na godiya.

Sai aka fara hani. Na farko da bazan manta ba, ina goyon ɗana na huɗu, akwai wata 'yar laya da Babana ya rubuta da hannunsa aka ɗinke ta da jar fata aka rataya masa a wuya, duk 'ya'yana da ita suka yi yarinta. Ina zaune ina bashi nono sai ya shigo da reza, bai ce min komai ba ya kama zaren ya yanke, yaron ya saki nono ya tsala kuka. Nace Malam lafiya? Yace shirka ce bazata ƙara kwana a gidansa ba. Nace rubutun Baba ne fa, ayar Alƙur'ani ce a ciki. Yace ko rubutun waye. Ya fita da ita. Ba layar ce tafi ƙona min rai ba, kalmar shirka da aka jingina da hannun mahaifina ita ce ta tsaya min a maƙogwaro, mutumin da ya kwana arba'in bai rasa jam'i ba sau ba adadi. Bayan nan rubutun sha ya fita, zuwa Maulidi ya fita, biki ko suna in dai akwai kiɗa ya fita, carbina ma sai da ya ɗauke daga kan ƙusa yace na dinga ƙirga da yatsu, kuma lazimin gaba ɗaya bidi'a ne. Na koma yinsa a ɓoye in ya tafi masallaci, a gidan aurena ina ambaton Allah ina kasa kunne ko zanji takunsa.

Amma wanda ya taɓa tukunya shi ne hana talla, kuma nan nake so mata su fahimce ni da kyau dan mutanen birni basa gane me talla take nufi a gunmu. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ranar Lahadi a auno min gyaɗa tiya biyar ko shida daga Gujungu, na soya na murje na fece, a kai inji a markaɗo, na zuba a turmi ina juyawa ina yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, na matse, tunkuzar na murza ƙuli na soya a cikin man nata. In gyaɗar mai kyau ce tiya ɗaya tana bada kusan kwalba. Duk mai wannan sana'ar ta san man shi yake dawo da uwar kuɗi, ƙulin shi ne riba, kuma ribar tana fitowa ne in an sayar ɗai-ɗai a kan faranti, yarinya ta zaga gari da tasha. Da ribar nake zubin adashi, da ita nake sayen Maggi da gishiri da omo in nasa ya yanke, kuma da ita nake tara wa 'yar farina kwanuka da tukwane na kayan ɗaki, dan a gunmu uwa ce take fara wannan tarin tun yarinya tana ƙarama.

Rana ɗaya yace daga yau yarinyar nan ta daina talla. Kuma maganar gaskiya hujjarsa mai ƙarfi ce, ta fara girma, duk mun san abinda yake samun yara a tasha da shagunan samari, ni kaina hankalina baya kwanciya sai ta dawo. Matsalar ita ce ya rufe wannan ƙofar bai buɗe wata ba. Kuɗin cefanen da yake bayarwa bai ƙaru da ko sisi ba, da ya koma Legas kuma sai ya turo abinda ya saba turowa. Ƙuli ya dinga kwana a roba har yayi warin mai, na fara cin uwar kuɗi, zubin adashi ya gagare ni har uwar adashi ta aiko min sau biyu, ƙarshe na sayar da akuyata na biya. Da na faɗa masa a waya sai yace nayi tawakkali wanda ya bar abu dan Allah zai musanya masa. Nace haka ne Malam, amma ciyarwa a wuyan wa Allah ya ɗora ta? Sai ya kashe wayar.

Ina so na faɗi wani abu anan dan kar a ɗauka mijina azzalumi ne ya fake da addini. A cikin shekarun nan ne ya tara ƙannensa mata uku ya raba musu gonar gadon mahaifinsu da ta shekara goma sha a hannunsa shi da ƙaninsa, aka kira malamai da mai unguwa aka auna da igiya, namiji rabon mata biyu, aka fitar wa Iya tumuninta. Gonar da muke ci ta ragu sosai, mutane har cewa suke ya haukace, amma yace bazai haɗu da Allah da haƙƙin marayu ba. Zakkar hatsi kuwa a gona yake fitarwa, dami ɗaya cikin goma kafin a kawo gida. Wannan ne yasa ban taɓa yarda da masu ce min asiri aka yi masa ko riya yake ba. Tsoron Allah da yake yi na gaske ne, kawai dai abinda ya fara koya shi ne jerin abubuwan da aka hana, bai kai babin haƙƙin mace ba tukuna, kuma ni ce mafi kusa da hannunsa.

A 2022 aka hana acaɓa a manyan unguwannin Legas ya tattaro ya dawo gida gaba ɗaya, shekarar kuma aka yi ambaliyar nan da ta cinye gonaki a yankin Ringim, ga ba kuɗi ga zama guri ɗaya kullum, ƙaramin abu sai ya zama faɗa. Dama ya daina bin Babana sallah, in munje gaisuwa lokacin sallah yayi sai ya zame ya tafi wani masallaci, Baba yana gani bai taɓa cewa komai ba, sai dai yace min ki bi mijinki ki riƙe wuridinki. Bayan ruwa ya janye Baba ya kwanta ciwo, sati biyu Allah ya karɓi abinsa.

Jana'iza yazo, shi ya shiga kabari ma ya karɓe shi, wannan bazan manta masa ba. Na zauna kwana uku a gida aka yi sadakar uku bai zo ba, da yamma ya aiko na dawo na dawo. Ana gobe bakwai nace Malam gobe zanje gida. Yace me za'ayi? Nace addu'ar bakwai. Yace babu wannan a addini, zaman makoki kwana uku ne kuma kinyi. Nace Inna tana takaba, ni ce babbar 'yarta mace, dangi zasu zo daga Kano da Haɗeja, wa zai tsaya mata? Magana ta yi zafi, nace masa ya kira Babana mushriki yana raye yanzu kuma zai hana ni yi masa addu'a yana kabari. Sai ya miƙe yace, in kika taka ƙofar gidan nan gobe a bakin aurenki.

Ban runtsa ba daren nan. Da asuba bayan ya fita masallaci na goya ƙaramin na kama hanya.

Da yamma sai ga yarinyata da 'yar takarda a ninke, ya rubuta cewa na zaɓi bidi'a akan aurena, maganar da ya faɗa ta tabbata. Inna tana cikin takaba ta karɓi takardar ta bawa ƙanina ya karanta mata, ta dafe kai tace yanzu mutuwa biyu zan ɗauka a sati ɗaya? Na zauna a gida kusan wata guda, ba aike ba komai, yara uku suna gun Iya. A wannan zaman kowa da shawararsa. Ƙawayena suka ce na rabu da shi kawai ɗan Izala baya canzawa. Wata gwaggona tace a kai sunansa gun malami a juyo da hankalinsa, nace a'a wannan bazan yi ba. Wanda ya warware abin Baffana ne, ƙanin Baba, shi ya ɗaura min aure. Yace shi bazai yi musu da yaron nan akan ɗarika ba dan ko shekara zasu yi ba mai kada wani, abinda zaiyi shi ne ya nemo malamin da yaron yake jin maganarsa. Ya hau mashin har Ringim ya samo malamin da maigidana yake ɗaukar karatu a gunsa ranar Asabar, ya faɗa masa komai, ya roƙe shi yazo.

Aka zauna a zauren Baffa, ga limamin garinmu dattijo ɗan ɗarika, ga malamin nasa wanda bai wuce sa'ansa ba, ga kawunsa, ni kuma ina daga bakin ƙofar ciki akan tabarma. Na zata faɗan aƙida za'ayi, ashe ba haka ba.

Aka fara da sakin, shin ya auku ko bai auku ba. Liman yace a Malikiyya in miji ya rataya saki akan wani abu kuma abin ya faru toh saki ya auku, ko da tsoratarwa yayi niyya. Malamin nasa yace akwai malamai irin su Ibnu Taimiyya da suke ganin in niyyarsa hanawa ce kawai ba rabuwa ba toh hukuncin rantsuwa ne sai yayi kaffara, amma yace tunda ya biyo da takarda da hannunsa yana tabbatarwa babu sauran wannan maganar, a ƙirga saki ɗaya. Suka tambaye shi nawa ya nufa yace ɗaya. Suka tambaye ni ta bakin Baffa ko iddata ta cika, tsarki uku, nace da saura. Suka ce toh yana da damar kome ba sabon sadaki ba sabon ɗaurin aure, amma ya sani igiya biyu ta rage masa.

Daga nan malamin ya juya kansa, wallahi ban taɓa zaton haka ba. Yace wane, tunda ta taho ka aika mata da abinci? Yace a'a. Yace ka san mai iddar sakin kome matarka ce, ciyarwarta tana kanka, kuma a Suratu Ɗalaƙ Allah cewa yayi kar a fitar da su daga ɗakunansu? Yayi shiru. Yace ni ne na karantar da kai cewa ware ranar uku da bakwai da arba'in bashi da asali a sunna, kuma a gaban Liman ina nan akan bakana, amma yaushe na karantar da kai ka rataya aurenka akansa? Yaushe nace ka raba 'ya da uwarta tana takaba? Ya kawo ayar Suratu Luƙman inda Allah yace ko iyaye sun matsa maka kayi shirka kar ka bi su amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya, yace toh ina ga iyayen da suke sallah suna azumi. Akan kalmar mushriki kuma ya ja masa kunne sosai, yace Annabi (SAW) ya faɗa wanda ya ce wa ɗan uwansa kafiri toh kalmar zata koma kan ɗayansu, hukunta aiki daban hukunta mutum daban, kuma wannan ba aikin ɗalibin da ya fara karatu jiya bane.

Liman shi ma bai tsaya kare ɓangarensa kawai ba. Yace sadaka tana isa ga mamaci wannan ba saɓani a kai, saɓanin akan sa rana ne da taron, kuma ya yarda akwai ɓarna a yadda muke yi, a ɗebi hatsin marayu kafin a raba gado a dafa wa mutanen da suka ƙoshi, alhali da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib yayi shahada Annabi (SAW) cewa yayi a dafa wa iyalansa abinci, ba su ne zasu dafa wa mutane ba. Yace amma a mazhabarmu miji bashi da ikon yanke mace daga iyayenta, kuma dukiyarta tata ce, tana da damar yin kyauta ko sadaka da ita har sulusi ba sai da izninsa ba.

Ni dai ina zaune ina hawaye, dan yau ne karon farko da naji an raba abubuwan nan gida-gida. Shekara uku komai a dunƙule yake zuwa min, laya da talla da lazimi da gidanmu duk sunansu ɗaya, bi ko ki saɓa wa Allah. Sai ga shi ashe akwai wanda haƙƙinsa ne, akwai wanda haƙƙina ne, akwai wanda malamai da kansu basu haɗu a kai ba.

Baffa yace toh kafin ta koma sai anyi magana ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ya tambaya, yace ke 'yar nan faɗi abinda yake ranki kar ki ji kunyar kowa. Abinda ya shafi gidansa da tarbiyyar 'ya'yansa na bar masa, ba laya ba rubutun sha ba talla, hijabi har ƙasa in zan fita, duk na karɓa. Da yaro zaiyi zazzaɓi yanzu tofi muke masa da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sannan a kai shi asibiti. Shi kuma aka ɗora masa cike gurbin tallar, kuma ba da baki ba, aka faɗi abu takamaimai: duk kaka zai ware buhun riɗi ɗaya a sayar a sa a kayan ɗakin yarinya, man da ƙulin kuma shi zai dinga ɗauka a mashin ranar Lahadi ya kai wa masu sari a Gujungu ya auno min gyaɗa ya dawo min da lissafi. Ribar sari bata kai ta talla ba ko kusa, saboda mai sari sai ya rage dan shima ya samu, sai na ƙara yawan gyaɗar zuwa tiya goma dan a cike, aikin ya ƙaru amma kuɗin yana zuwa a dunƙule kuma adashina ya dawo.

Gidanmu kuma zanje duk lokacin da buƙata ta taso, da sallama ba da roƙo ba, ko ranar taro ce. Shi bazai zo taron ba kuma ba za'a ɗebi hatsinsa a dafa ba, ni in naga dama nayi da kuɗin sana'ata. Ranar arba'in haka aka yi, shi ya kaini a mashin har ƙofar gida ya shiga ya gaida Inna ya fito kafin a fara. Bayan kwana biyu ya sayo tabarmi da butoci ya kai masallacin Baba yace Allah ya kai ladan kabarinsa.

Lazimi ne aka fi daɗewa akai. Shi yace bazai iya cewa ya yarda ba dan zuciyarsa bata yarda ba. Malaminsa yace ba'a ce ka yarda ba, kana da damar yi mata bayani da hujja cikin mutunci in tana son ji, baka da damar ƙwace ko zagi ko kiranta da wani suna, da shi ka aure ta. Ya dawo min da carbina, ashe yana cikin akwatinsa duk shekarun nan bai yar ba. Sannan malamin yasa aka ƙara sharaɗi ɗaya wanda ba ni na nema ba, yace duk wanda yayi irin wannan rantsuwar sau ɗaya bakinsa yana saurin komawa, dan haka yayi alƙawari a gaban mutane bazai ƙara ambatar aure a cikin faɗa ba, in ransa ya ɓaci ya fita yayi alwala. Ya maida ni a gaban shaidu, washegari kawunsa da Iya suka zo biko.

Ba wai daga nan komai ya zama daidai ba. Watannin farko in ya shigo ya tarar ina jan carbi sai fuskarsa ta canza ya juya ya fita, ni kuma sai naji gabana yana faɗuwa. Na maida lazimin safe lokacin da yake masallaci yana azkar har gari ya waye, na yamma kuma bayan la'asar yana gona ko kasuwa, ba ɓoyewa nake ba ya sani, kawai dai bana sa masa a ido. Shi ma in zai kunna wa'azin da ake sukar ɗarika baya kunnawa a tsakar gida, yana sa abin kunne. Na shiga Islamiyyar matan aure ta dare da son raina, a nan na gyara Fatihata da tahiya, na koyi hukuncin jini da ban sani ba duk shekaruna, kuma akwai abubuwan da na bari da kaina bayan naji hujja, kamar kukan mutuwa da kururuwa. Akwai kuma wanda naji hujjar tasu na koma na tambayi Liman naji tasa na zauna akan abinda nake kai. Shi kuma da karatunsa yayi nisa sai naga yana laushi, yanzu yakan ce akwai saɓani a kai, kalmar da da bata bakinsa sam. Yana ɗebo min ruwa a mashin, ranar da nake suyar gyaɗa yana riƙe yaro, yace Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aiki.

In mace ta tambaye ni yadda zata gane ko irin nawa ne ko kuma wanda ya samu sanda ce kawai, ina ce mata ta duba ko addinin nasa yana cin aljihunsa da jikinsa shi ma, ko kuwa kullum ita ce mai bari shi ne mai hanawa, sannan ta duba ko akwai malamin da zai ce masa kayi kuskure ya sunkuyar da kai. Nawa yana da duka biyun shi yasa zama ya yiwu. Wata maƙociyarmu nata ba malamin da yake ji sai waya, kowa ɗan bidi'a ne har limamin Juma'a, ya hana ta asibiti tana da ciki, wannan iyayenta sun kai magana kotu kuma ban ga laifinsu ba.

Yaran ne har yanzu bamu gama daidaitawa ba. Da safe suna makarantar allo gun almajirin Baba, da yamma Islamiyya, wata rana na tsakiyan ya dawo yace min Umma wai Maulidi bidi'a ne me yasa Inna take dafa abinci? Nace jeka tambayi Babanku, ina daga ɗaki ina jin abinda zai ce. Yace masa shi baya yi saboda bai ga hujja ba, amma Inna kakarka ce tana son Annabi, in ka ƙara faɗa mata magana sai na zane ka. Watan Maulidi ni ina zuwa gidanmu, yaran baya bari, wannan har yau yana min ciwo kuma na faɗa masa.

Yanzu maganar auren 'yar farin ce a gabanmu bayan kaka in Allah ya kaimu. Shi walima kawai yake so da wa'azi, ni kuma nace yarinya ta farko baza'a kaita shiru kamar bazawara ba, dangina zasu zo. Ya yarda da ƙunshi da kamu na mata zalla a gidan Inna, ba DJ ba maza, ni na yarda. Kiɗan ƙwarya ne ya ce sai ya tambayo, na ce ya tambayo ni ma zan aika gun Liman, Asabar mai zuwa in ya dawo daga Ringim zamu zauna. Buhun riɗin bara dai an sayar, an sayi gado da katifa suna ɗakin Iya.